Wanda ya koyi sana'a a hannun maigida, me zai rubuta a saman takardar neman aiki?

Akwai 'yan layuka uku zuwa biyar da ake rubutawa a saman takardar neman aiki, ƙasa da suna, inda mutum ke taƙaita ko shi wane ne da abin da ya iya. Mai digiri ba ya shan wahala a wurin, sunan kwas da na makaranta sun yi masa rabin aikin. Wanda ya koyi sana'a a hannun maigida ya kuma shekara goma yana yin ta, shi ne ke tsayawa cak, ya rasa ta inda zai fara. Yawanci sai ya fara da ba da haƙuri: “Duk da ban yi karatu mai zurfi ba, ni mutum ne mai ƙwazo da riƙon amana, kuma ina da gogewa a fannoni daban-daban.”

A ganina wannan jimlar ce ke jefa takardar mutane da dama a kwandon shara. Abin da mai ɗaukar aiki ya fara karantawa shi ne abin da ba ka da shi. Sauran kuma, ƙwazo da amana, kowa ma haka ya rubuta, har wanda aka kora jiya saboda sata. Ya gama karantawa bai san ko kai mai walda ne ko mai gyaran wuta ba.

Amfanin satifiket ga mai ɗaukar aiki guda ne: wani ne daban ya tsaya maka shaida cewa ka iya abu kaza. In ba ka da shi, layukan nan ne za su ɗauki nauyin shaidar, kuma ba za su iya ba sai da abin da za a iya bincika a tabbatar. Ba a bincika “ƙwazo”. Amma ana iya bincika shekarun da ka yi, da irin injin da ka taɓa, da girmansa, da wanda ya gan ka kana yi.

Mu ɗauki misalin makaniken janareta mai dizal. In ka ce masa ya faɗi abin da ya iya, zai ce, “Ai komai ina yi.” Gaskiya ya faɗa, amma ba ta rubutuwa. Sai ka canja tambaya. Shekara nawa ka yi a hannun maigida? Huɗu. Bayan an yaye ka fa? Tara. Waɗanne injina ka fi kamawa? Perkins da Cummins. Mafi ƙanƙanta da mafi girma? Daga kVA 20 zuwa 500, kVA kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin janareta. Sabis kawai kake yi, canjin mai da filta, ko kana sauke inji ka buɗe shi? Yana buɗewa, ya canja ringi da gasket, ya cire injekta a gwada, ya mayar ya tayar. Kai kaɗai ake tura ka ko da mai duba aikinka? Shi kaɗai, har da yara uku a ƙarƙashinsa. Janareta nawa kake kula da su yanzu? Goma sha huɗu, a wurare shida. Cikin ɗan zaman nan an samu duk abin da ake buƙata, kuma ga yadda zai fito:

“Makaniken janareta mai dizal, shekara 9 a bakin aiki bayan koyon sana'a na shekara 4 a gareji. Ina sabis da cikakken gyaran injinan Perkins da Cummins daga kVA 20 zuwa 500, har da sauke inji, canjin ringi da gasket, da gano matsalar injekta. Ina kula da janareta 14 a wurare 6, ina rubuta awannin aikin kowanne don kada sabis ya wuce lokacinsa. Na horar da yara 3. Maigidan da ya koya mini da wuraren da nake wa aiki suna nan don ba da shaida.”

Ku lura an raba shekarun biyu, ba a dunƙule su an ce 13 ba. Da gangan ne. Duk wanda ya san sana'a ya san farkon zaman yaro a gareji wankin kayan aiki ne da miƙa sifana. In ka ce shekara 13 kana gyara, ya dubi shekarun haihuwarka ya yi lissafi, zai fara shakkar sauran abin da ka rubuta. In ka raba kuwa, shekara huɗun nan sun zama horo da aka fara aka kammala, wato sun zauna a gurbin da makaranta za ta zauna. Shi ya sa ma nake ganin a sake rubuta su a sashen ilimi da horo, da shekarar farawa da ta gamawa da sunan wurin, maimakon a bar sashen fanko.

Girman inji ma ba ado ba ne. Wanda ke gyaran ƙaramin janareta mai fetur da wanda ke buɗe injin dizal na kVA 500 duk “makanike” ake ce musu, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Lambar ce ke nuna wa mai karatu inda ka kai. Haka mai walda zai faɗi irin waldar da kaurin ƙarfen da yake haɗawa, direba ya faɗi nauyin motar da yake ja. Sai dai lambar da ka tabbatar kaɗai za ka sa. In ba ka riƙe adadin injinan da ka gyara ba, kada ka ƙirƙiro “fiye da dubu”. Ƙirga waɗanda ke hannunka yanzu, ko kaɗan ne.

Wasu za su ce a ɗan ƙara gishiri mana, a rubuta “injiniya”, tunda ai haka abokan ciniki ke kiransa. Ban yarda ba. A baki girmamawa ce, a takarda kuwa iƙirari ne, kuma a ƙasashe da yawa suna ne da doka ta keɓe wa masu rajista. Ranar da aka ce kawo takardar, an rasa aikin an kuma zubar da mutunci. “Makanike” da shekara tara a bayansa ba ya buƙatar aron suna.

Akwai kuma inda taƙaitaccen bayanin nan ba ya kaiwa, duk kyawunsa. In aikin na buƙatar lasisi bisa doka, kamar wasu ayyukan wutar lantarki ko tuƙin manyan motoci, gogewa ba ta maye gurbinsa. A nan sai a nemi jarrabawar gwajin sana'a, inda ake da ita, wadda ke duba abin da hannu ya iya. In ka riga ka yi rajista, rubuta hakan da watan da za ka zauna. In kuwa tallar aikin cewa ta yi satifiket “ko gogewa daidai da shi”, to kai ake nufi, sai ka ɗauko kalmomin da suka yi amfani da su a tallar, waɗanda ka iya da gaske, ka sa a layin farko.

Kafin ka aika, karanta kowace jimla ka tambayi kanka ko za ka iya minti biyar kana bayaninta. Wanda ya rubuta “gano matsalar injekta” ya sa ran a tambaye shi abin da zai fara dubawa in inji na fitar da baƙin hayaƙi. In amsar na bakinsa, ya fara da filtar iska kafin ya taɓa injekta, ya duba ko lodi ya yi wa injin yawa, jimlar ta zauna. In sai ya yi inda-inda, ya goge ta. Kuma a kira maigidan a sanar da shi tun kafin a sa sunansa, kada a buga masa waya ya ce, “Wa ke nan?”