Zanen rabin ladan Bitcoin ba kalanda ba ne

Wani zane ne ya ishe ni a guruf-guruf na kirifto, an ja layuka huɗu a tsaye, kowane layi ranar da aka rage ladan masu haƙo Bitcoin, sai kibiya ta miƙe sama, a ƙasa kuma an rubuta wai wata 12 zuwa 18 bayan kowane ragi farashi yake kai ƙololuwa, saboda haka ka zuba kuɗinka ka je ka kwanta. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne masu koyar da tiredin da ke karɓar kuɗin matasa suna sayar musu da wannan a matsayin ilimi.

Ragin kansa gaskiya ne, yana cikin tsarin Bitcoin, masu haƙo su ne masu kwamfutocin da ke tabbatar da cinikin Bitcoin kashi-kashi, kowane kashi ana kiransa bulok, ana ba su ladan sabon Bitcoin a kan kowane bulok, duk bulok 210,000 kuma sai ladan ya rabu biyu. A Nuwamba 2012 ya sauka daga Bitcoin 50 zuwa 25, a Yuli 2016 ya koma 12.5, a Mayu 2020 ya zama 6.25, a Afrilu 2024 kuma 3.125. To sau nawa ke nan? Huɗu. Ko ɗan kasuwar Dawanau ba zai cika sito da masara don kaka huɗu sun yi kama da juna ba, sai ya tambayi ruwa da taki da kuɗin mota tukuna.

Kuma huɗun ma ba iri ɗaya ba ne. A 2012 Bitcoin yana wajen dala 12, ya haura dala 1,000 a ƙarshen 2013. A 2016 yana wajen dala 650, ya kusa 20,000 a Disamba 2017, kusan ninki 30. A 2020 yana wajen 8,600, ya taɓa 69,000 a Nuwamba 2021, ninki 8 ke nan kacal. Wanda ya ɗauki ribar 2017 ya ɗora wa zagaye na gaba, yaudarar kansa yake yi.

Sannan wa ya ce ragin ne ya tura farashin? A Maris 2020, wata biyu kafin ragin, babban bankin Amurka ya mayar da kuɗin ruwa kusan sifili saboda korona, aka yi ta malalo dala, hannun jarin kamfanonin fasaha ma ya yi ta tashi alhali babu wanda ya rage musu wani lada. Da aka fara ƙara kuɗin ruwa a 2022, ga rushewar kuɗin kirifto na Terra a Mayu, ga ta dandalin cinikin kirifto na FTX a Nuwamba, Bitcoin ya gangaro wajen 16,000. Masu zanen sun ce lokacin faɗuwa ne ya yi a kalandarsu, wannan ai bayan an ga sakamako ne kowa ya iya faɗa.

Mu yi lissafin 2024. Ana haƙo bulok kusan 144 a rana, kafin ragin sabon Bitcoin 900 ke fitowa kullum, bayansa 450. A farashin lokacin, wajen dala 64,000, abin da ya ragu bai kai dala miliyan 30 a rana ba, a kasuwar da ake juya biliyoyin dala kullum, kuma an riga an haƙo sama da miliyan 19 cikin miliyan 21. Kowa ya san lokacin ragin shekaru kafin ya zo, ba labari ba ne da zai ba manyan 'yan kasuwa mamaki. Ƙari a kan haka, a Janairu 2024 Amurka ta amince da ETF na Bitcoin, asusun da ke sayen Bitcoin ya ajiye, mutane kuma su sayi kasonsa a kasuwar hannun jari, kuɗi suka kwararo, farashi ya wuce 73,000 a Maris, wato ya karya tarihin baya tun kafin ragin, abin da bai taɓa faruwa a zagayen da suka wuce ba.

Ni ban ce a jefar da zanen ba. Yana da amfani ka san cewa faɗuwar kashi 70 ko 80 cikin ɗari ta sha faruwa bayan hauka irin na 2017 da 2021, wannan zai hana ka rawar kai idan kowa na ihu. Iyakarsa ke nan. Ba ya gaya maka ranar shiga ko ta fita. Wanda ya saya a 64,000 a Afrilu 2021, a tsakiyar lokacin da zanen ya ce hawa ake yi, ya ga farashi ya faɗo wajen 30,000 cikin 'yan makonni lokacin da China ta taso masu haƙo a gaba, idan da bashin dandalin tiredin ya shiga an share masa akawun tun kafin Nuwamba ta zo.

Duk wanda zai saya ya duba kuɗin ruwa a Amurka da abin da ke shiga ETF, ya bar bashi, kuma don Allah kar a taɓa kuɗin haya ko jarin shago saboda layuka huɗu.