Sauya sunan fayil ba ya sauya bidiyo

Wani ya tambaye ni: "Na mayar da sunan .mkv zuwa .mp4, talabijin ta ƙi buɗewa. Filashin ne ya lalace?"

A'a, ɗan'uwa, filashinka lafiya lau. MP4 mazubi ne kawai, abin da ke cikinsa talabijin take dubawa. Misali, bidiyon bikin da wani ya kawo mini shagona a Gusau sabuwar waya ce ta ɗauke shi da tsarin matse bidiyo na H.265, tsohuwar talabijin kuwa H.264 ta sani. Shi ya sa murya take fita, allo baƙi ƙirin.

Na sa shi a manhajar sauya bidiyo ta HandBrake, na zaɓi Fast 1080p30, ya fito da H.264 da sautin AAC. Nan take ya buɗe. Amma in da tsarin FAT32 aka yi wa filashin format, kada fayil ɗaya ya kai 4GB.