Ba allura ke ƙiba kajin gidan gona ba

Ranar wani suna da aka yi a unguwarmu, wata gwaggona ta ture farantin kaza gefe, ta dube ni ta ce, "Ɗana, ni ba na cin 'yan allurar nan. Kazar da aka ƙyanƙyashe jiya, yau ta fi agwagwa nauyi, ai ka san da walakin goro a miya." Ban ga laifinta ba. Duk wanda ya tashi yana ganin kazar Hausa ta yi wata biyar ko shida tana tono a bola kafin ta kai kilo ɗaya da 'yan kai, dole ya yi mamakin burola mai kilo biyu da rabi a sati shida. Sai dai amsar da aka ba wannan mamaki, wato wai allurar homon, sinadarin da ke sa jiki girma, ake yi musu, ba gaskiya ba ce, kuma tana cutar da masu kiwo da masu ci baki ɗaya.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada, a wani bincike da aka wallafa a 2014. Masu binciken suna da irin kajin nama na 1957 da na 1978 da aka adana ba tare da an canza su ba, sai suka haɗa su da irin 2005. Abinci ɗaya, ɗaki iri ɗaya, kulawa ɗaya, babu wadda aka ba homon. Da suka cika kwana 56 aka ɗora su a sikeli: ta 1957 ta yi giram 905, ta 1978 ta yi giram 1,808, ta 2005 kuma ta yi giram 4,202. Ninki huɗu da ɗoriya ke nan, kuma abin da ya raba su kawai shi ne iri.

Yadda aka kai ga haka ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Mai kiwon tumaki ya san idan yana son manyan raguna sai ya bar babban rago a garke. Kamfanonin da ke fitar da Cobb 500 da Ross 308 da Arbor Acres, waɗanda su ne yawancin 'yan tsakin da ake sayarwa a kasuwanninmu, haka suka yi shekara da shekaru: a zaɓi zakara da kazar da suka fi saurin girma da faɗin ƙirji, a haɗa su, a sake zaɓa daga 'ya'yansu. Kaza kuwa tana fara ƙwai tun ba ta shekara ba, kuma tana ba da 'ya'ya da yawa, don haka abin da zai ɗauki makiyayin shanu tsawon rayuwarsa, mai kaji yana cimma shi cikin 'yan shekaru.

Amma iri kaɗai ba ya cika sikeli, kuma a nan ne duk mai kiwo zai iya ba da shaida. Ɗauki matar da ta zuba 'yan tsaki 100 a bayan gida. Kowane ɗan tsako yana zuwa da nauyin giram 40 zuwa 45. Idan ta ba su ɗumi yadda ya kamata, ga ruwa mai tsabta, ga sitata, abincin farko na 'yan tsaki, mai furotin kusan kashi 22 cikin ɗari, a kwana bakwai ya kamata nauyin ya ninka sau huɗu ko fiye, wato wajen giram 180. Daga nan har sati shida kowace kaza za ta cinye abinci kusan kilo huɗu da rabi. Kaji 100 ke nan sun ci kilo 450, buhu 18 na kilo 25. Wannan masara da waken suya su ne naman da gwaggona ta gani a faranti. Idan kuɗi ya yanke wa matar nan a sati na huɗu ta fara cakuɗa finisha, abincin kajin da suka tasa, da dusa, sikeli zai faɗa mata cikin mako guda. Haka idan zafin watan Afrilu ya kama su, suka buɗe baki suna haki suka rage ci, za su kai sati takwas ba su yi nauyin sati shida ba. Da akwai allurar da ke maye gurbin buhu 18, da ba a ga masu kiwo suna rufe gonaki duk lokacin da masara ta yi tsada ba.

Ita kanta allurar ba ta da ma'ana idan aka yi lissafi. Homon ɗin girma furotin ne, idan aka zuba shi a abinci ko ruwa, cikin kaza zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da waken suya. Sai dai a yi ta tsira musu allura a kai a kai. Mai kaji dubu ɗaya zai kama kowace ɗaya kullum har kwana 42, allura dubu 42 ke nan, ga kuɗin magani, ga na ma'aikata, ga firgita kajin da ke sa su daina ci. Masana sun ma gwada shi a kan burola, bai ƙara musu wani girman a zo a gani ba, domin jikinsu ya riga ya kai iyakar saurin da zai iya. Shi ya sa ake ganin wasu ƙafafunsu sun kasa ɗaukarsu, wasu ruwa ya taru musu a ciki, wasu kuma a wayi gari sun kife rigingine sun mutu. Matsalar mai burola ita ce yadda zai sassauta wannan gudu don kada ƙashi da zuciya su gaza.

Zancen yana da tushe, ba zan ɓoye ba. A Amurka an taɓa sa wa zakaru wani sinadari mai suna DES a ƙarƙashin fatar wuya don su yi kitse, kafin hukuma ta haramta shi a kiwon kaji a 1959. Labarin ya fi abin daɗewa a duniya. A nan gida kuma mutane suna ganin rigakafin Gumboro da Lasota, waɗanda galibi a ruwan sha ake bayarwa, su ɗauka maganin ƙiba ne.

Laushin naman ma da ake zargi, shekaru ne. Burolar sati shida jaririya ce mai babban jiki. Latsa ƙarshen ƙashin ƙirjinta za ka ji guringuntsi ne yana lanƙwasawa, kukanta ma bai gama barin na tsako ba. Kazar Hausa ta yi watanni tana yawo, jijiyoyinta sun yi ƙarfi, shi ya sa take jure wuta kuma romonta ya fi ƙamshi. Wanda ya fi son ta saboda ɗanɗano yana da gaskiyarsa.

Abin da ke damuna shi ne muna tsoron abin da babu, mun bar wanda yake akwai. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su oksitetarasaikilin ana sayensu a shago ba tare da likitan dabbobi ba, wasu masu kiwo suna zuba su a ruwa kusan kullum da sunan kariya. Kowane irin wannan magani yana da kwanakin da aka rubuta a jikin leda ko kwalba, waɗanda dole a jira bayan an daina bayarwa kafin a yanka. Na taɓa ganin mai gona da kajinsa suka fara mutuwa, ya ɗura musu magani da yamma, da safe ya kira dillalai suka kwashe zuwa kasuwa. Ragowar maganin yana cikin naman da hanta, kuma irin wannan amfani barkatai ne ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, har a jikin mutane. Don haka ni idan na je sayen kaza a gona, ina tambayar satinta nawa, da ranar da aka ba ta magani na ƙarshe, kuma ina so in ga ledar maganin da idona.