Wai 12k ɗin me, naira ko sefa?

Wallahi na gaji da masu sayar da kaya a Instagram da suke jera hotuna goma a zubi ɗaya, su rubuta lambobi tsirara a ƙasa, su bar mai saye da duba. Satin da ya wuce ina haɗa wa ƙanena kayan lefe daga nan Maraɗi, na ga shagon wata mata a Kano, ta rubuta cewa tana aiko kaya har Nijar. Hoton farko tambarin shagonta ne, sauran tara shadda da atamfa da leshi. A ƙasa kuwa abin da ta sa ke nan: "12k, 25k, 18k, 40k". Kaya tara, farashi huɗu!

Na zaɓi wata shadda ruwan toka, na ɗauka ita ce ta 12k. Tunda mu ta ce tana sayar wa, na lissafa jika goma sha biyu na sefa. Na yi mata magana, sai ta ce, "A'a Hajiya, naira ce, kuma yadi ɗaya ne." Yadi biyar nake so, kuɗi ya tashi naira 60,000, ban da kuɗin mota da ba a ambata ko'ina ba. Na riga na faɗa wa ƙanena farashin farko, ya ware kuɗinsa a kai. Da wane ido zan koma masa?

Duk ɗan kasuwar da ke hulɗa da mutanen iyaka ya san lissafinmu ba ɗaya ba ne. A wurinmu jika sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5, shi ya sa in ka ce "ɗari" a kasuwar Maraɗi ana nufin sefa 500. A Kano kuwa dattawa in sun ce jaka, naira 200 suke nufi. To wa zai fahimci lamba ba sunan kuɗi?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne gyaran bai kai minti biyar ba. Ki sa lamba a jikin kowane hoto, ki rubuta layi ɗaya ga kowanne:

Hoto na 2: shadda, yadi ɗaya, ₦12,000
Hoto na 3: atamfa, turmi ɗaya (yadi 6), ₦25,000

A rubuta sifilai duka, a bar wannan "k" ɗin. In ana karɓar sefa, a sa FCFA a gefe da ranar da aka yi lissafin, tunda canji ba ya zama wuri ɗaya. Kuɗin aike ma a ba shi nasa layin.

Da na faɗa mata haka, sai ta ce ai kowa ya saba, in ban gane ba in tambaya ta akwatin saƙo. Na tambaya ɗin, sai da aka kwana biyu kafin ta amsa. Shaddar dai ban saya ba.