An ba ka shugabanci jiya, yau biyu sun kaure da faɗa

'Yan'uwana matasa da aka ɗora wa shugabancin abokan aiki, rikicin farko da zai tashi a gabanku yakan yanke yadda za a riƙa kallonku na tsawon lokaci. Abin da nake jiye muku tsoro shi ne garaje. Sabon shugaba yana son a san cewa shi ma yana da iko, sai ya ɗaga murya ko ya jawo takardar tuhuma tun bai san me ya haɗa mutanensa ba. Wani kuma kunya ce take cin sa, don jiya-jiya tare suke cin abinci, sai ya ce "ku yi haƙuri" ya wuce. Duka biyun ba su kashe wutar ba.

Mu ɗauki misalin ɗakin mata a asibiti. An naɗa matashiyar nas ta zama in-caj. Wata safiya mai diyutin dare, wadda ta kwana tsaye tun tara na dare, tana jiran mai karɓarta ƙarfe takwas. Ba ta iso ba sai tara saura kwata, mai diyutin daren kuwa ta bar jariri a gida. A gaban marasa lafiya da masu jinyarsu da ɗalibai ta ce mata, "Kullum haka kike yi." Wadda aka faɗa wa ta girme ta da shekara 15 a aiki, kuma ita aka yi zaton za a ba in-caj ɗin. Ta mayar mata da cewa ba ta da tarbiyya. Murya ta tashi, kowa ya juyo yana kallon sabuwar shugaba.

Aikin farko a kanki yake, ke in-caj. Ki lura da jikinki: zuciya na bugawa, wuya ya bushe, kina jin kamar ke aka raina. To, a wannan hali kada ki yanke komai. Annabi (SAW) ya hana mai hukunci ya yi hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, kuma hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Abin da ya rage miki shi ne raba su da kuma tsare aikin. Ki sassauta murya ki ce, "Anti, Sista, ba a nan ba. A miƙa aiki tukuna, zan ga kowacce ita kaɗai." Ki tsaya a wurin har a gama miƙa aikin, domin maganin da aka manta a faɗa saboda faɗa, marar lafiya ne zai ɗanɗana kuɗarsa.

Kada ki kira su nan take. John Gottman, wanda ya daɗe yana nazarin saɓanin ma'aurata, ya nuna cewa idan bugun zuciya ya haura 100 a minti, mutum ba ya iya sauraro yadda ya kamata, kuma jiki na buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya lafa. Mai diyutin dare ma barci take buƙata, don haka ki sallame ta, ki sa mata lokaci gobe. Amma kada ki bari ya wuce kwana biyu. Idan ya daɗe, labarin zai shiga gurup ɗin WhatsApp, ɗakin ya rabu gida biyu.

Wurin sauraro ne mafi yawanmu muke faɗuwa. Ki fara da babbar, ki je inda take maimakon ki aika a kira ta, ki rufe ƙofa, ki kife waya. Ki ce, "Anti, ina son in ji daga bakinki," sannan ki yi shiru. Za ta yi ta magana a kan rashin kunyar yaran yanzu. Kada ki kare kowa, kada ki ce "amma ai kin makara". Ki saurari abin da ke ƙarƙashin maganar, ki faɗe shi a fili: "Na fahimci abin da ya fi yi miki ciwo shi ne a gaban ɗalibai aka faɗa miki." Idan kin dace, za ki gani. Kafaɗa za ta sauka, murya ta yi ƙasa, ta ce "wallahi shi ne". Idan ba ki dace ba za ta gyara miki, kuma gyaran ma riba ne. Wannan ba dabarar baki ba ce kawai. Binciken Matthew Lieberman da abokansa a 2007 ya nuna cewa ambaton sunan abin da ake ji yana rage zafin ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da firgici.

Sai dai ki kiyaye, fahimtar ciwon mutum daban, ba shi gaskiya daban. "Na ga ranki ya ɓaci" ba ɗaya ba ne da "ke ce da gaskiya". Idan kika furta na biyun kafin ki ji ɗaya ɓangaren, gobe za a kafa miki hujja da shi.

Ƙaramar kuwa, wataƙila ƙawarki ce, kuma nan ne jarrabawar take. Za ta zo tana tsammanin kina bayanta. Ki ba ta lokaci daidai da na babbar, a ɗakin da kika saurari babbar. A bakinta za ki iya jin abin da ba ki sani ba: ba makarar yau ce ta tunzura ta ba, gani take don ita ce ƙarama ake jibga mata dare. Kada ki musa, kada ki gaskata. Ki buɗe rosta da littafin sa hannu ki ƙirga. Idan kika tarar ta yi dare 9 a watan, babbar ta yi 2, to rabin rikicin ba halin kowa ba ne, rabon aiki ne ya karkace, kuma gyaransa a hannunki yake.

Sai bayan haka za ki haɗa su, kuma ki gaya wa kowacce tun da wuri abin da za a tattauna. Sharaɗi ɗaya ya isa: a faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru, ban da "kullum" da "ba ki taɓa". Kada ki tilasta wa kowa ba da haƙuri, domin haƙurin dole sabon ƙulli yake haifarwa. Ki nemi abin da za a iya dubawa: miƙa aiki ƙarfe takwas, wadda za ta makara fiye da minti 15 ta kira, gyara kuma a keɓe ake yin sa, a rarraba dare daidai, a liƙa rosta mako guda kafin sabon wata. Ki rubuta, ki karanta musu. Ina kuma ba da shawarar ki nemi babbar ta duba rostar tare da ke. Ta san ɗakin fiye da ke, kuma girman da take jin an ƙwace mata ta nan zai fara dawowa.

Bayan mako biyu ki duba. Murmushi a gabanki ba shaida ba ne. Ki ga ko suna miƙa wa juna aiki baki da baki a gefen gado, ko kuwa sun koma ajiye takarda a tebur, ko ɗaya na roƙon a canja mata rana don kada su haɗu. Idan haka ne, da sauran magana, ki sake zama da kowacce.

Akwai kuma abin da ba a sasantawa a ɗaki. Idan an kai hannu, ko an yi barazana, ko cin zarafi ne, ko magani ya ɓace, ko sakaci ya taɓa marar lafiya, ki rubuta abin da ya faru da rana da lokaci, ki kai wa metiron, wato shugabar nas-nas, a ranar, ko da mai laifin ƙawarki ce.