Ranar da na yi wa 'yan aji uku tutoriyal

Har yau in na ga farin allo da maka sai in ji cikina ya juya. Waɗanda suke ɗakin a daren nan sun san zancen, amma tunda abokina Baffa yana ta yawo da nasa sigar, gara ku ji daga bakina.

Saura kwana biyu jarrabawar dijital, kilas ref ɗin 'yan aji uku ya zo har ɗaki ya ce wanda zai yi musu tutoriyal ya tafi gida ɗaurin aure, ko zan taimaka. Na ci kwas ɗin bara da B, kuma tun lokacin nake ba da labarin kamar A ce. Na ce ba komai. Ban buɗe littafi ba. Na dai goge shaddata mai ruwan toka, na fesa turare, bayan isha'i na nufi ajin.

Tambayar tsohuwa ce, wadda malamin yake maimaitawa da sauya lambobi. Filif-fulof biyu, wato 'yan da'irorin da ke kama saƙo su riƙe shi duk lokacin da agogo ya buga, FF1 da FF2, agogo ɗaya ke kaɗa su. Daga bugun agogo zuwa fitowar amsa a ƙofar fita Q, wato `t_cq`, FF1 yana ɗaukar nanosakan 2 in ya yi nawa, 1 in ya yi sauri. A tsakaninsu akwai hanya doguwa da ta ratsa get uku: XOR mai 4, AND mai 2, OR mai 3, jimla 9, wato `t_logic`. Akwai kuma gajeriyar hanya da ta tsallake biyun farko ta shiga OR kai tsaye, shi kuma OR ɗin in ya yi sauri 1 kawai yake ci. `t_setup` 1 ne, `t_hold` 2. Sai aka ƙara da cewa bugun agogo yana isa FF2 a makare da nanosakan 2, wato `t_skew`. A nemo iyakar gudun da agogon zai iya yi.

Na kalli lambobin nan na ga kowacce lokaci ce, na ce a raina ai lokaci tara shi ake yi. Na juya na ce musu, da muryar da ban san ina da ita ba, "Sirrin wannan tambayar shi ne kada ka bar kowace lamba a baya." Na rubuta 2 da 9 da 1 da 2 da 2. Goma sha shida. Ɗaya a raba da nanosakan 16, megahaz 62.5. Har akwati na zana wa amsar, na ja layi biyu a ƙasa, na rufe maka da ƙarfi yadda kowa zai ji ƙas.

Mutum wajen arba'in suna kwafa. Wallahi na ji daɗin ƙarar biro a kan takarda.

Sai wata a layin gaba, mai ruwan ƙasan hijabi da littafi cike da ja da kore, ta ɗaga hannu rabi. Ta ce, "Yaya, don Allah me `t_hold` yake yi a ciki?"

Na ce ai lokaci ne da filif-fulof yake buƙata.

Ta ce eh, amma bayan bugun agogo yake buƙatarsa. Cikin ladabi, wanda shi ya fi ciwo, ta ce `t_setup` shi ne ɗan lokacin da dole saƙo ya riga ya iso ya natsu a ƙofar shiga D kafin bugun ya sauka, shi ya sa ake cire shi daga tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. `t_hold` kuwa sharaɗi ne cewa saƙon ya ci gaba da zama yadda yake na ɗan lokaci bayan bugun. Wannan ɗan lokacin yana gudana ne a daidai sa'ar da FF1 ke fito da sabon saƙonsa, ba ya cin komai daga kason tafiyar saƙo. Saboda haka ba shi da gurbi a lissafin tsawon zagaye.

Na ce, "Madalla, gwada ku nake yi." Babu wanda ya yi dariya, babu kuma wanda ya yarda. Na goge 2 ɗaya da gefen hannu, saboda babu dasta, na samu 14.

Hannun bai sauka ba.

Ta ce, "Yaya, `t_skew` ɗin ma cirewa ake yi a nan." A nan ne na yi abin da bai kamata ba, na tsaya musu. Na ce ta yaya makara za ta zama riba? Ta tashi ta karɓi makar daga hannuna, ni kuma na ba ta kamar wanda aka yi wa asiri. Ta ce mu ɗauka agogo ya buga a FF1 a sifili. Saƙo ya fito a 2, ya ratsa get uku ya iso a 11, yana buƙatar 1 ya natsu, ya zama 12. Wanda zai kama shi bugu na gaba ne, kuma bugun nan ba ya isa FF2 sai bayan tsawon zagaye da ƙarin 2. Mai karɓa ya makara, don haka mai kawowa ya samu rarar nanosakan 2. Ta rubuta:

```
T >= t_cq(max) + t_logic(max) + t_setup - t_skew
T >= 2 + 9 + 1 - 2 = 10 ns
f_max = 1 / T = 100 MHz
```

Ta ƙara da cewa da agogon FF1 ne ya makara, ko da saƙon daga FF2 yake komowa FF1, to nan ne za a tara. Wato ba haddace alamar ake yi ba, dubawa ake yi a ga wa agogo ya fara isa. Megahaz ɗari, ni kuma na sayar musu da sittin da biyu da rabi a cikin akwati.

To bari in tsaya a kan Baffa, don shi ne ainihin abin da ya sa nake rubutun nan. Baffa ba ɗan aji uku ba ne. Ba ma ɗan sashenmu ba ne. Caji ya kawo shi, saboda ajin nan ne kaɗai ke da wuta a daren, ya zauna a baya kusa da soket yana cin gyaɗa yana zuba ɓawon a aljihun riga. Mutumin da kalkuletata take hannunsa tun zangon farko, kullum "gobe in sha Allah", har ya manna mata sitika da sunansa a baya. Mutumin da na rakiya asibiti ƙarfe biyun dare lokacin da ya ci awarar da ta kwana. Shi ne ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Injiniya, a ƙara zana akwatin mana, wancan ya yi kyau." Bai san bambancin AND da OR ba. Ya taɓa tambayata ko megahaz da megabait abu ɗaya ne. Amma dariyar da aka riƙe tun ɗazu, shi ya kwance mata igiya, har wani a tsakiya ya kifa kai a benci yana bubbuga shi.

Na yi niyyar in tsira da sauran mutuncina a kashi na biyu na tambayar, inda aka ce a duba ko da'irar za ta yi aiki. Yanzu na gane dole a duba `t_hold` shi kaɗai, kuma da lambobin sauri ake dubawa, don abin tsoron shi ne sabon saƙo ya yi gaggawar isowa ya ture tsohon kafin FF2 ya gama riƙe shi. Na rubuta da kaina, hannu na ɗan rawa:

```
t_cq(min) + t_logic(min) >= t_hold + t_skew
1 + 1 >= 2 + 2
```

Biyu ba ta kai huɗu ba. Sabon saƙo ya bi gajeriyar hanya ya iso a 2, alhali FF2 bai ji bugun ba sai a 2, kuma yana so a bar masa tsohon saƙon har zuwa 4. Makarar da ta ba mu riba ɗazu ita ce ta cinye mu yanzu. Wannan na samu daidai, na ji jini ya fara dawowa fuskata. Sai wani ya tambaya yaya za a gyara, ni kuma bakina ya riga kaina: "Sai a rage gudun agogo, a ba shi isasshen lokaci."

Ba ta ma ɗaga hannu ba wannan karon. Ta ce, "Yaya, ina T a layin da ka rubuta?"

Na duba. Na sake dubawa, kamar zai fito daga bayan allo. Babu T. Tseren nan duk a kan bugu ɗaya ake yinsa: bugun da ya saki sabon saƙo daga FF1 shi ne dai wanda FF2 ke kama tsohon saƙo da shi. Ko ka mayar da agogon yana bugawa sau ɗaya a minti, a kowane bugu sabon saƙo zai iso a 2 kuma ana buƙatar sai 4. Ta ce ta haka ma ake gane su a benci: in ka rage gudu matsala ta tafi, ta `t_setup` ce, in ka rage har ƙasa tana nan daram, ka nemi `t_hold`. Na gyaɗa kai kamar ni na koya mata.

Gyaran iri biyu ne. Ko a daidaita wayar agogo makarar ta tafi, sai zagaye ya koma 12, wato wajen megahaz 83, sharaɗin riƙewa kuma ya zama 2 da 2, ya tsallake da ƙyar babu rarar ko ƙwayar gero. Ko a bar makarar a sa wani abu ya jinkirta gajeriyar hanya da aƙalla nanosakan 2. Na ce, "Sai a sa bafa." Daga bayan aji aka ce, "Na'am?" Aji ya sake tashi. Baffa ya miƙe har da rusunawa, ɓawon gyaɗa na zuba.

Cikin wannan hayaniyar na zana bafar, kuma na zana ta bayan OR, inda hanyoyin biyu suka riga suka haɗe. A wurin nan doguwar hanya ma sai ta ratsa ta, 9 ta zama 11, ɗarin da aka sha wahala aka samu ta koma 83. A kan reshen gajeriyar hanya ya kamata ta zauna, kafin OR. Wannan ba ta ce komai ba. Ta zo ta goge da tishu ta mayar da ita wurinta, ta koma ta zauna. Da ta yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Da aka tashi kilas ref ya ba ni lemon kwalba ɗaya, na ga ya miƙa mata biyu. A hanya na lura gefen hannun shaddata ya yi baƙi da tawadar maka, wajen da na goge 2 ɗin nan. Mai wanki ya gwada sau biyu bai fita ba.

Baffa ya biyo ni har ƙofar ɗaki yana tambaya ko ina da cajar ƙaramin baki. Na ba shi. Ita ma tana wurinsa.