Jawabin da ya so ya kashe ni

Sakataren Islamiyyar unguwarmu nan Ƙofar Ƙaura shi ya rubuto mani jawabin walimar sauka, shafi huɗu cif, aka ce minti biyar gare ni. Daddare na miƙe tsakar gida na fara gwaji da ƙarfi, wallahi jimlar farko kaɗai ta kusa kai ni lahira. Ku ji ta: "Bisa la'akari da irin gagarumar gudunmawar da iyayen yara suka bayar, wadda ta taimaka wajen gina azuzuwa biyu, waɗanda a halin yanzu ɗalibai ke amfana da su, kasancewar a baya a gindin bishiya suke karatu..." nan numfashina ya ƙare, kuma har lokacin ba a zo wajen godiyar ba. Maman Khalifa ta leƙo daga kicin tace Baban Khalifa lafiya, ko asmar ce ta tashi?

Ita ta karɓi takardar da biro tace in sake, duk inda na ja numfashi sai ta ja layi. Jimlar da ta ci layi biyu ko uku a tsakiyarta to dole a datsa ta, kuma abin mamaki kusan kullum layin kan "wanda" ko "kasancewar" yake faɗawa, su ne ƙugiyar da sakatare ke rataya wata magana jikin wata. Muka cire su, muka jera abin yadda ya faru: "Da, a gindin bishiya yaranmu ke karatu. Iyaye suka haɗa kuɗi. Yau ga aji biyu. Allah ya saka da alheri." Kuɗin ma ya rubuta N1,847,500, wa zai riƙe wannan a kunne? Muka maida shi miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da ɗoriya, mai son lissafi ya nemi ma'aji.

To ni da na ji daɗin datsa sai na bi ko'ina ina sara, kalma uku uku, tace yanzu kuma ka koma kamar mai sanarwar cigiya, ka bar doguwa ɗaya bayan gajeru biyu mana mutane su samu inda za su ce amin. Haka aka yi, ta duba agogon waya, minti huɗu da rabi, shafi huɗu sun koma ɗaya da rabi.

Ranar walima komai ya tafi sumul, har kabbara aka yi wajen aji biyun nan. Sai dai cikin saran da na yi ashe jerin gaisuwa ma ya sha wuƙa, na dunƙule kowa cikin "manyan baƙi". Ina sauka mai unguwa ya yafito ni, na durƙusa nace ranka ya daɗe, yace jawabi ya yi kyau ƙwarai, su kuma masu unguwa hala sai walimar baɗi za a tuna da su?

Yanzu duk safiya sai na zagaya ta ƙofar gidanshi na kai gaisuwa kafin in wuce kasuwa.